Wa Ya Ce Lauya Ɓata Magana Yake?



Akwai wata shawara da ake ba duk wanda aka kama masa ɗa ko ƙani, kuma masu ba da ita galibi manya ne da ake ganin girmansu: "Kada ku kuskura ku kawo lauya, ɓata magana zai yi. Ku bari a je a lallaɓa su." Daga nan sai a nemo mai unguwa, ko wani Alhaji da ya san Difi'o, ko wani tsohon ɗan sanda da ke bayan layi, a ɗunguma zuwa caji ofis a tsaya a bakin kanta ana ta "ranka ya daɗe". Ana can ana lallaɓawa, yaron da aka zo dominsa yana wani ɗaki a ciki, an ajiye masa takarda da Turanci, an miƙa masa biro. Ni a ganina wannan shawara tana cikin mafi cutarwa da muke ba junanmu, domin sau da yawa kafin masu lallaɓawa su gama gaisuwa, an riga an gama shari'ar yaron a kan wannan takarda.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, don kada wani ya ɗauka ra'ayina nake sayarwa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba wanda aka kama abubuwa da dama, amma biyu nake so mu riƙe. Na farko, yana da ikon yin shiru, ya ƙi amsa kowace tambaya, har sai ya gana da lauya ko wani mutum da shi ya zaɓa. Na biyu, dole cikin awa 24 a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce, kuma da harshen da yake ji. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ƙara matsewa: a faɗa masa dalilin nan take a lokacin kamun, sai fa idan an same shi yana cikin aikata laifin, ko an biyo shi da gudu daga wurin, ko ya tsere daga hannun hukuma. Ta kuma ɗora wa wanda ya yi kamun nauyin gaya masa cewa yana da ikon yin shiru da ikon ganin lauya kafin ya rubuta ko ya sa hannu a kan komai, sannan hukumar da ke tsare da shi ta sanar da danginsa ba tare da ya biya ko sisi ba.

Wani zai ce ai waccan dokar ta Abuja ce da kotunan tarayya. Gaskiya ne, amma jihohi sun yi nasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita waɗannan haƙƙoƙi kusan kalma da kalma, ita kuwa tana kan kowane ɗan sanda, a Bichi yake ko a Badagiri.

To me ya sa doka ta damu da a faɗi dalili? Mutanenmu suna ɗaukar tambayar "me na yi?" a matsayin rashin kunya, har ka ji wani daga cikin 'yan kallo yana cewa "kai dai ka bi su, in ka je can ka ji." Amma dalilin kamu shi ne ke nuna wa mutum irin ramin da yake bakinsa. Wanda aka ce ana zarginsa da sayen kayan sata yana cikin wani hali, wanda aka ce ana zarginsa da fashi da makami yana cikin wani halin dabam, domin na farko 'yan sanda na iya ba da belinsa a ranar, na biyu kuwa laifi ne da hukuncinsa ke kaiwa ga kisa, majistare ma ba shi da hurumin yanke shi. Sannan dalilin ne ke tona ko kamun ya halatta tun asali. Idan aka ce "wanka muke nema, ka zauna har ya fito," doka ta hana kama wani a madadin wani. Idan aka ce "kuɗin Alhaji da ka ci bashi," doka ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Mai kamun da ya san dalilinsa ba zai tsayu ba, shi ne ke cewa "in ka je ka ji." Kuma mutumin da bai san abin da ake zarginsa da shi ba, idan aka ce ya yi bayani, sai ya yi ta zuba, yana kare kansa daga abin da ba a tambaye shi ba, yana buɗe ƙofofin da ba a ƙwanƙwasa ba.

Mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. A ce akwai wani matashi mai gyaran waya, mu kira shi Sani. Wani yaro da yake yawan gani a kasuwa ya kawo masa waya ta hannu, wadda a ƙa'ida za ta yi naira dubu 70, ya ce matsuwa ce ta sa zai sayar. Suka daidaita a dubu 50, babu rasit, babu kwali. Bayan mako uku, ranar wata Alhamis da la'asar, mutum biyu cikin farin kaya suka tsaya a rumfarsa, an bi sawun wayar har hannunsa. Ashe ƙwace ta aka yi a hannun wata mata da dare, an nuna mata wuƙa.

A dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, samun kayan sata a hannun mutum bai isa a ce ya yi laifin karɓar kayan sata ba. Sai an nuna ya karɓa da rashin gaskiya, yana sane na sata ne, ko yana da dalilin da zai sa ya gane hakan. Wato duk shari'ar Sani ta rataya a kan abu ɗaya: me ya sani a ranar da ya saya? Wayar ba za ta faɗi wannan ba. Matar da aka yi wa ƙwace ba ta taɓa ganinsa ba. Wanda ya sayar masa ya ɓace. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da abin da ke cikin zuciyar Sani ita ce a samu daga bakinsa, a rubuce, da sa hannunsa a ƙasa. Shi ya sa ake gaggawar sitatimen.

Ga yadda abin ke tafiya. Fom ɗin da ake ɗaukar bayani a kai yana da wasu layuka na gargaɗi a sama, da Turanci, masu cewa ba dole ba ne ka ce komai, amma duk abin da ka faɗa za a rubuta kuma ana iya kafa hujja da shi a kotu. Ana so wanda ake tuhuma ya sa hannu a ƙarƙashin gargaɗin kafin a fara. Sau nawa ake fassara masa shi? Abin da aka fi yi shi ne a nuna masa wurin da yatsa a ce "sa hannu nan." Daga nan ɗan sanda mai bincike ya yi tambaya da Hausa, Sani ya amsa da Hausa, shi kuma ya rubuta da Turanci.

Ko da mai binciken ba shi da mugun nufi ko kaɗan, dubi abin da ke iya faruwa a tsakanin baki da biro. An tambayi Sani, "Ka san wanda ya sayar maka?" Ya ce, "Na san shi, yaronmu ne a kasuwa." Duk Bahaushe ya san abin da yake nufi: fuska ce da ya saba gani. A takarda sai ta koma cewa yaron nasa ne, kamar mai yi masa aiki. An ce, "Ka taɓa sayen wani abu a wurinsa?" Ya tuna wata caja da ya taɓa saya, ya ce e. A takarda: ya saba karɓar kaya daga hannunsa. An ce, "Ba ka ga ta yi araha ba?" Ya ce, "Ta yi araha kam, shi ya sa na saya." A takarda: ya san farashin bai kai ƙimarta ba amma ya karɓa. Layi uku ke nan, babu wanda ƙarya ce tsagwaronta, amma idan alƙali ya karanta su a jere, abin da zai gani shi ne dillalin ɓarayi da ya amsa laifinsa. Idan kuma aka ƙara layi na huɗu, cewa ya san sana'ar yaron, to an tashi daga sayen kayan sata an doshi haɗa baki da 'yan fashi.

A daidai wannan lokacin baffan Sani yana waje yana cewa kada a kira lauya.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne nauyin wannan takarda a kotu. A shari'ar Nijeriya, ana iya ɗaure mutum a kan iƙirarinsa kaɗai, idan kotu ta gamsu cewa da kansa ya yi shi kuma ya fito fili. Idan Sani ya zo gaban alƙali ya ce "ni ban faɗi haka ba," wannan ba ya hana a karɓi takardar. Za a karɓa, sai daga baya alƙali ya auna nauyin da zai ba ta. Idan kuwa ya ce dukansa aka yi ya sa hannu, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce ba za a karɓa ba sai masu ƙara sun tabbatar ba da zalunci aka samo ta ba, kuma akan tsayar da shari'ar a yi wata ƙaramar shari'a a cikinta a kan wannan batu kaɗai. Amma dole a tayar da maganar a daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar. Wanda bai da lauya, ina zai san wannan lokacin? Kuma ko an yi ƙaramar shari'ar, a lokacin wataƙila shekara biyu ta wuce, tabon ya warke, 'yan sanda uku za su rantse cewa cikin lumana aka yi, shi kuwa bakinsa kaɗai gare shi. Lauyan da aka ɗauko a wannan mataki ihu yake bayan hari. Wanda aka ƙi kira ranar Alhamis da la'asar, aikin minti talatin ne ya hana duk wannan.

Me lauyan zai yi a cikin minti talatin ɗin? Ba faɗa zai yi da kowa ba. Zai tambayi mai bincike abin da ake zargin Sani da shi, kuma ya nemi ganin ƙorafin da aka shigar. Zai keɓe da Sani ya ji labarin, ya gaya masa inda haɗarin yake, ya ce masa ya faɗi gaskiya amma ya faɗe ta cikakkiya: ranar da ya saya, waɗanda ke wurin, cewa ya tambayi yaron dalilin sayarwa, cewa a fili ya ajiye wayar a rumfa da layinsa a ciki, abin da mai ɓoye kayan sata ba ya yi. Zai zauna a ɗakin lokacin da ake rubutu. Doka ba ta ba shi damar amsa tambaya a madadin Sani ba, amma zamansa kaɗai yana hana mari, kuma kafin a sa hannu zai karanta, ya ce "wannan layin ba haka ya faɗa ba." Idan akwai tafinta, dokar 2015 ta ce tafintan ya karanta wa mai bayanin abin da aka rubuta har ya gane, sannan shi ma ya sa hannu. Daga ƙarshe zai nemi beli a rubuce. Ina ɓata maganar a nan?

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta. Za a ce da zarar 'yan sanda sun ga lauya sai su fusata, su ce tunda abin ya zama na doka, to a tafi kotu, alhali da an yi shiru da an kashe maganar a nan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, hakan na faruwa. Amma mu tambayi kanmu, me ake nufi da "kashe magana"? Kuɗi ake nufi. A bango an rubuta beli kyauta ne, a bayan bango ana ciniki. Lauya yana ɓata wannan cinikin, shi ya sa ba a son ganinsa. Abin takaicin kuma shi ne, kuɗin da aka biya ba ya yage takardar da Sani ya sa wa hannu. Tana nan a fayil. Ranar da aka kama yaron da ya sayar, ko aka sauya mai bincike, ko matar da aka yi wa ƙwace ta kai ƙorafi sama, sai a ciro ta. An biya kuɗi, an kuma bar igiya a wuya. Sannan ita barazanar "za mu kai ku kotu" sai ka rasa yadda aka yi ta zama abin tsoro, alhali kai mutum kotu cikin kwana ɗaya, idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, haƙƙinsa ne da Tsarin Mulki ya rubuta. An mayar da haƙƙinmu bulalar da ake tsorata mu da ita, mu kuma muna biyan kuɗi don a hana mu shi.

Ba zan ɓoye ba, kotu ma ba aljanna ba ce. Idan aka rubuta fashi da makami a takardar tuhuma, majistare zai tura mutum gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a, kuma kowa ya san yadda jiran nan yake tsawo. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Amma wannan hujja ce a kan masu cewa a bar lauya, domin abin da za a rubuta a takardar tuhumar daga sitatimen ake ciro shi. Wurin da ake raba hanya tsakanin "sayen waya" da "fashi" shi ne wancan ɗakin, a daren farko.

Amsa ta biyu ita ce talauci, kuma ta fi ta farko nauyi. Mai gyaran waya ina ya ga kuɗin lauya da ƙarfe tara na dare? A nan ne nake so mu sake karanta sashe na 35 da kyau. Bai ce lauya kaɗai ba. Ya ce lauya ko wani mutum da shi wanda aka kama ya zaɓa. Dokar 2015 ma, a sashe na 17, da ta zo lissafa waɗanda za a ɗauki bayani a gabansu idan babu lauya, ta ambaci jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da wakilin ƙungiyar farar hula, ta rufe da duk wanda mutumin ya zaɓa. Ke nan Sani yana iya cewa, "Ranka ya daɗe, zan yi bayani, amma sai yayana ya zo ya zauna, shi yana karanta Turanci." Wannan ba alfarma yake roƙo ba. Malamin makarantar da ke layinku, ɗalibar da ke karatun lauya, ma'aikacin asibitin da kuke sallah tare, duk suna iya zama a kujerar nan su karanta kafin a sa hannu. Ba su kai lauya ba, amma sun fi babu nesa ba kusa ba. Ita kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 don marasa hali, tana da ofisoshi a jihohi, kuma akwai tsarin lauyoyin da ke zagaya caji ofis kyauta, duk da cewa ba su da yawa kuma ba ko'ina suke kaiwa ba. Rabin kuɗin da dangi ke harhaɗawa cikin dare don "lallaɓawa" ya isa a kira ƙaramin lauya ya zo ya zauna awa ɗaya.

Amsa ta uku ita ce wadda ta fi zafi a garuruwanmu yanzu. Mutane sun gaji da masu ƙwacen waya. Kusan kowa ya san wanda aka sara ko aka soka a kan waya. Idan ka yi maganar haƙƙin wanda aka kama, sai a ce kana goyon bayan 'yan daba, a ce irin waɗannan ai sai da duka suke faɗin gaskiya. Ina jin wannan fushin, nima a garin nake kwana. Amma a lura da abu biyu. Lokacin da aka kama mutum, ba a san ko shi ne ba, shi ya sa ake bincike. Duka kuwa ba ya tantance mai laifi da marar laifi, mai ƙarfin jiki da marar ƙarfi kawai yake tantancewa. Ɗan daban da ya saba da sel yana iya jurewa, Sani da bai taɓa kwana a bayan kanta ba zai amsa har abin da ba a tambaye shi ba. Idan ya amsa, an rufe fayil, wanda ya riƙe wuƙar yana can yana neman wata matar.

Abu na biyu, wannan gajeriyar hanya ta fara kuɓutar da waɗanda ake zargi a kotu. A 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Nnajiofor, ta tabbatar da cewa ɗaukar iƙirari a bidiyo ko a gaban lauya kamar yadda dokar 2015 ta tsara wajibi ne, ba ganin dama ba, kuma iƙirarin da aka ɗauka ba haka ba, ba a karɓarsa. Shekara guda kafin nan ta yi irin wannan hukunci a kan dokar Jihar Legas. Don haka mai binciken da ya kori lauya, ya ƙi kunna kyamara, ya dogara da takardar da ya samu a ɗaki shi kaɗai, yana gina shari'ar da za ta iya rushewa ko da wanda ya kama shi ne ainihin ɓarawon. Duk mai son a ɗaure 'yan ƙwace da gaske, shi ya fi kowa buƙatar a bi ƙa'idar nan. Kuma kada a ce babu kayan aiki. Na yarda ana barin caji ofis babu mai a mota, babu takardar rubutu, har sai mai ƙara ya saya. Amma wayar da ke aljihun mai bincike tana ɗaukar bidiyo. Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ke hannunsa, don haka bidiyon shi ma kariya ce gare shi ranar da aka yi masa ƙazafi.

Mu da muke rubuta labarai da masu shirya fim muna da hannu a yadda jama'a ke kallon abin. A labaranmu lauya ba ya bayyana sai a kotu, da baƙar riga da hular gashi, yana kaɗa yatsa. Caji ofis kuwa wurin mari ne, a kwaɗa wa mugu biyu ya fashe da kuka ya tona asiri, masu kallo su ji daɗi. Yaron da ya tashi yana ganin haka, ranar da aka kama shi ba zai taɓa kawo wa ransa cewa yana iya cewa a jira ba.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya je ya yi wa ɗan sanda tsawa a titi. Haƙƙin yin shiru bai ba ka damar ƙin kamu ba. Wanda ya yi kokawa ko ya gudu ya ƙara wa kansa wani laifin, ya kuma halatta a sa masa ankwa. Ka tambayi dalili da murya ƙasa-ƙasa, ka tambayi caji ofis ɗin da za a kai ka, ka tabbatar wani na kusa ya ji amsar. Ka faɗi sunanka da inda kake zaune. Abin da za ka riƙe shi ne bayanin laifin da sa hannu, ko dangwala yatsa, har sai naka ya zo. Shirun ba zai buɗe maka ƙofa ba, wataƙila ma ya sa ka kwana a ciki, kuma 'yan sanda na iya zuwa kotu su nemi izinin ci gaba da tsare ka, wanda a dokar 2015 ba ya wuce kwana 14 a karon farko. Kwana ɗaya a sel da sauro abu ne mai ɗaci, amma ana fita daga shi. Layi huɗu da sa hannu a ƙasa kan bi mutum shekaru.

Su kuma dangi, maimakon cika bakin kanta da manyan riguna, mutum ɗaya ya ɗauki biro ya rubuta ranar kamun da lokacin, sunan mai bincike, da dalilin da aka faɗa, ko kuma cewa an ƙi faɗa. Idan awa 24 ta wuce ba a ba da beli ba, ba a kai kotu ba, kuma laifin ba na kisa ba ne, ana iya sanar da kotun da ke da hurumi, dokar 2015 ta ce ko da baki ma ana iya neman belin. Idan tsarewar ta saɓa doka, Babbar Kotu na sauraron ƙarar take haƙƙi, kuma Tsarin Mulki ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Duk wannan yana tsayawa ne a kan lokaci da suna, abubuwan da masu lallaɓawa ba sa rubutawa. In an zo beli kuma aka ce mahaifiyarsa ko yayarsa ba za ta tsaya masa ba don mace ce, wannan ma doka ta hana.

Akwai abu ɗaya da nake ganin ya kamata ƙungiyar lauyoyi da kwamishinonin 'yan sanda na jihohinmu su yi, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka ko kasafin kuɗi. Tsarin Mulki ya ce a rubuce, da harshen da mutum yake ji. A Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato da Zamfara, harshen da mafi yawan waɗanda ake kamawa suke ji Hausa ne. A buga gargaɗin da ke saman fom ɗin da Hausa, da boko da ajami, a ƙara layi biyu a ƙarƙashinsa: ga abin da ake zarginka da shi, ga sunan wanda ka zaɓa ya zauna da kai. Wanda ya yi bayani da Hausa a rubuta da Hausa, fassarar ta biyo baya a wata takardar, kamar yadda kotuna suka daɗe suna cewa ya fi dacewa. Shekara 25 da ɗoriya ke nan da rubuta sashe na 35, har yau Sani yana sa hannu a ƙarƙashin gargaɗin da ba a taɓa karanta masa ba, baffansa kuma yana waje yana ƙirga kuɗi.